Wasiƙa daga Agege zuwa Zariya

Assalamu alaikum, Bazazzagi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya yaran shago? Tun ƙaramar Sallah ban ji ɗuriyarka ba, har na fara tunanin ko allura ta ɗinke maka baki ne. Bari in fara da abin da ya hana ni barci.

Ranar Talata wani Alhaji Bayarabe ya shigo shago da farar shadda, yadi goma-goma na mutum shida, daga kasuwar Balogun ya sayo. Auren ɗansa saura mako goma, yana son ankon manyan riguna shi da ƙannensa. Na baje masa samfurin aikin kwamfuta, ko kallo bai yi ba. Sai ya hango rigar da ka yi mini ta sunan Auta a rataye, ya juya ta ciki, ya shafa bayan aikin, ya ce irin wannan yake so, aska biyu, na hannu. Shi ne mutum na uku a bana da ya nemi haka. Biyun farko na sallame su ina ji ina gani. Wannan kuwa na roƙe shi kwana bakwai, don kai na tuna.

Ga abin da nake so mu yi. Ni zan auna, in yanka, in haɗa wuya da aljihu, in aiko maka babbar rigar kaɗai. 'Yar ciki da wando su zauna nan ina ɗinkawa, ka ga aiki na tafiya gida biyu lokaci guda. In na ba motar dare kaya a Agege, mu sa kwana uku kafin yaronka ya karɓa a Kwangila, dawowa ma haka. Kai ka taɓa ce mini aska biyu takan ci hannu ɗaya wajen wata guda, to riga shida hannu shida ke nan. Mako biyar a wurinka har da bugu, mako ɗaya a hanya, na bar mana rarar mako huɗu saboda tsautsayi. Ba zan faɗa wa Alhajin rana ba sai ka amince da wannan lissafi.

Maganar kuɗi kuma gara a yi ta tun da hantsi. Kuɗin aiki naka ne duka, ba na ɗora ko kwabo a kai, kai za ka yanka farashi, ni in rubuta shi daban a rasit. Rabi in tura maka ranar da kaya suka tashi, saboda zare da mai zane, rabi ranar da suka dawo hannuna. Kuɗin mota mu raba biyu. Ribata tana cikin ɗinkin riga shida da da sun tafi wani shago, da kuma mutanen da za su gan su a wurin biki su tambayi tela. Taka ribar kuwa, kai ka sha yi mini kukan cewa da an sauko daga babbar Sallah yaranka zaman kashe wando suke yi, wasu har sun koma acaɓa. A nan Legas kusan kowace Asabar biki ake yi, balle a Disamba.

Na san ku Zage-zagi, yanzu ka fara murza gemu kana cewa Bakano ya zo da dabara. To ga abin da ni ma nake tsoro. Zare. Damshin garin nan ba irin na gida ba ne, zaren da ke zuba zai ɓata farar shadda tun kafin a kai ga wanki. Kowane launi ka jiƙa guntunsa, ka matse a farin ƙyalle, in ya bar alama a canza. Launin kuma kada mu dogara da hoton waya, zan ɗaura guntun zaren da Alhaji ya zaɓa a wuyan kowace riga da sunan mai ita. In shadda ta lalace a hannunka, kai ka biya. In awo ne ya kuskure, nawa ne. In a mota ta ɓata, mu ɗauka tare. Wannan shida ita ce gwaji, in ba ta yi maka ba, zumunci na nan yadda yake.

Af, ka ji mai gugarmu ya ƙara aure? 'Yar Idi-Araba ce, an ɗaura bayan Juma'a, tun daga ranar ko kwala ba ya ƙonawa. Ya ce in tuna maka hularsa da ka yi alkawari, kansa 22 da rabi.

Ka kira ni kafin Talata, bayan isha'i, lokacin an kashe janareto. Ka gaida Inna, ka ce zumar ta iso.

Naka,
Bakanon Agege