Ga Malamin da ya tambaye ni kan alƙawarin gwamnatoci

"Barista, mutum ne ake zargi da ta'addanci, ƙasar da ta ba shi masauki tana so ta mayar da shi gida, gwamnatinsu kuma ta rubuta a takarda ta sa hannu cewa ba za a azabtar da shi ba. To me ya rage kuma? Ko haƙƙin mutum ɗaya ya fi rayukan jama'a?"

Malam, assalamu alaikum.

Ranar da ka miƙe a zauren taro lokaci ya ƙure mana, na ba ka amsa a tsaitsaye, na kuma lura ba ka gamsu ba. Ga ta a zaune, kuma zan fara da labarin wasu mutum biyu, don a kansu ne na daina ganin girman irin wannan takarda.

Ahmed Agiza da Mohammed Alzery 'yan Masar ne da suka nemi mafaka a Suwidin. Agiza dai tun 1999 wata kotun soja a Masar ta yanke masa hukunci a bayan idonsa kan zargin ta'addanci. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 hukumar tsaron Suwidin ta ce zamansu haɗari ne. Gwamnatin Suwidin ta san sarai abin da ake yi wa irinsu a hannun jami'an tsaron Masar, ita da kanta ta yarda cewa tsoron da suke yi yana da tushe. Sai ta tura babbar jami'a Alƙahira a watan Disamba, aka karɓo tabbaci a rubuce: ba za a azabtar da su ba, za a yi musu shari'ar adalci, ba za a kashe su ba. Ranar 18 ga Disamba 2001 gwamnati ta yanke shawarar korarsu, a daren ranar aka zartar, kafin lauyoyinsu su samu damar kai ƙara ko'ina.

A filin jirgin Bromma da ke Stockholm aka miƙa su ga jami'an hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, masu rufe da fuska. Aka yanke tufafin jikinsu da almakashi, aka ɗaura musu ƙunzugu kamar jarirai, aka sa musu mari hannu da ƙafa, aka rufe musu kai, 'yan sandan Suwidin suna tsaye suna kallo. Ko tashi jirgin bai yi ba ke nan.

Abin da ya biyo baya shi nake so ka duba da kyau. Jakadan Suwidin bai je ganinsu ba sai 23 ga Janairu 2002, mako biyar bayan saukarsu. Duk wanda ya taɓa bibiyar irin wannan shari'a ya san kwanakin farko ne mafi muni, lokacin da ake tatsar bayani, mutum ba lauya ba dangi. Da jakadan ya zo ma, a gaban jami'an gidan yari aka yi ganawar. Ka ɗauka kai ne a zaune a kujerar nan. Wanda ya jona maka wuta yana tsaye a bakin ƙofa, baƙo ya zo daga Turai yana tambayarka ko kana lafiya, kuma ka san nan da awa ɗaya zai shiga motarsa ya tafi, kai kuwa a nan za ka kwana. Me za ka ce masa? Duk da haka Agiza ya yi ƙarfin hali ya yi ƙorafin cin zarafi tun a ziyarar farko. Jakadan ya rubuta a rahotonsa. Da gwamnatin Suwidin ta tashi ba wa kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya bayani, sai ta ɓoye wannan ɓangaren.

Daga baya mutanen biyu suka ba da labarin dukan da aka yi musu da jona wutar lantarki. Alzery ya ce har likita ake ajiyewa yana shafa magani a wurin don kada tabo ya fito. Wannan ya nuna maka iyakar ziyarar jakada ko da ya zo da niyya mai kyau. Mai azabtarwa na zamani ya san aikinsa: hana barci, tsayuwar dole ta sa'o'i, sanyi, barazanar kamo matarka, babu wanda yake barin alamar da ɗan diflomasiyya zai gani ta cikin riga. Sai likita mai zaman kansa wanda ya ƙware a gano irin wannan, ya duba mutum su biyu kaɗai, kuma babu wannan a cikin abin da aka shirya da Masar.

A watan Mayu 2005 Kwamitin Yaƙi da Azabtarwa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke cewa Suwidin ta karya sashe na 3 na yarjejeniyar haramta azabtarwa ta 1984 a kan Agiza. Ya ce tabbacin da aka karɓo ba shi da wata hanyar tilasta cika shi, don haka bai isa kariya daga haɗarin da yake a fili ba. A 2006 Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam ya yanke makamancin haka a kan Alzery, wanda Masar ta riga ta saki tun 2003 ba tare da an tuhume shi da komai ba. A 2008 Suwidin ta biya kowannensu diyyar kurona miliyan 3. Agiza kuwa kotun soja aka sake kai shi a 2004, duk da alƙawarin shari'ar adalci, bai fito ba sai 2011.

Ka ga inda matsalar take. Ba a neman irin wannan takarda daga ƙasar da aka amince da ita. Masar ta riga ta shiga yarjejeniyar haramta azabtarwa tun 1986, a gaban duniya, wadda ta ɗaure ta a shari'ance. In har ba ta cika wannan ba, mene ne zai sa ta cika 'yar wasiƙar da ba kotun da za a kai ta? Sannan wanda ya sa hannu yana ofis a ma'aikata, wanda yake riƙe da wayar lantarki yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, watakila ma bai taɓa jin labarin takardar ba. Abin da ya fi damuna shi ne na uku: in an karya alƙawarin, babu ɓangaren da yake so a gano. Ƙasar da ta karɓa ba za ta tona wa kanta asiri ba. Wadda ta tura kuma, in ta amsa cewa an azabtar da shi, ta amsa cewa ita ma ta karya doka, shi ya sa Suwidin ta danne rahoton jakadanta. An ba kura ajiyar nama, mai ajiyar kuma ba ya son ya leƙa.

Batun auna mutum ɗaya da jama'a kuwa, gwamnatoci sun riga ka kai shi kotu. Akwai dokar da ta yarda da awon: yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashe na 33, ta bar ƙofar mayar da wanda ya zama haɗari ga tsaron ƙasa. Yarjejeniyar azabtarwa ce ba ta bar wannan ƙofa ba. Sashenta na 2 ya ce ba yaƙi, ba tarzoma, ba dokar ta-ɓaci da za ta zama hujja, na 3 kuma ya hana tura mutum inda akwai ƙwararan dalilan cewa za a azabtar da shi, ko shi wane ne. Najeriya ma tana cikinta tun 2001, kuma ta yi tata dokar a 2017.

A 1996 Birtaniya ta so ta mayar da Karamjit Singh Chahal, ɗan awaren Sikh, zuwa Indiya, da tabbacin gwamnatin Indiya a hannunta. Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce ba ta shakkar kyakkyawar niyyar gwamnatin, sai dai jami'an tsaron Punjab suna cin karensu ba babbaka, takardar ba ta kai gare su ba. Ta kuma ce halin mutumin, komai muninsa, ba ya shiga lissafi. A 2008, a shari'ar Saadi, ɗan Tunusiya da Italiya ta so ta mayar gida, Birtaniya ta shigo ta roƙi kotun ta sassauta, a riƙa ɗora haɗarin da mutum yake da shi a sikeli ɗaya da haɗarin da zai fuskanta. Alƙalan suka ƙi baki ɗaya. Dalilinsu mai sauƙi ne: muguntar mutum ba ta rage yiwuwar a azabtar da shi in ya sauka, tambayoyi biyu ne daban. Ni zan ƙara nawa. A wannan mataki zargi ne kawai, sau da yawa daga bakin gwamnatin da take nemansa. Alzery ma an ce haɗari ne.

Ba zan ɓoye maka abin da yake ɓangarenka ba. Kotun Turai ba ta haramta tabbacin diflomasiyya kwata-kwata ba. A Janairu 2012, a shari'ar Abu Qatada, malamin da Birtaniya ta so ta mayar Jodan kan zargin ta'addanci, ta karɓi wanda Jodan ta ba Birtaniya, bayan ta duba abubuwa irin su: wa ya ba da shi kuma yana da ikon ɗaure jami'an tsaro, a fayyace yake ko a dunƙule, yaya tarihin ƙasar wajen cika irinsa, akwai mai sa ido da zai gana da fursuna su kaɗai ba tare da sanarwa ba. Abin da ya tsayar da korar a lokacin wani ne daban, wato yiwuwar a yi masa shari'a da shaidar da aka tatsa daga wasu ta hanyar azaba. Sai da ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya a kan haka ya tafi a Yuli 2013, kotun Jodan kuma ta wanke shi a 2014. Ina ganin shahararsa ce ta tsare shi fiye da takardar, don duniya duka tana kallo. Wanda babu jaridar da ta san sunansa ba shi da wannan garkuwa, kuma irinsa ne suka fi yawa.

To a yi yaya da mutumin da ake tsoro? In akwai hujja a gurfanar da shi a inda yake. In hujjar ba ta kai ta kotu ba, a sa masa ido, a taƙaita zirga-zirgarsa a ƙarƙashin kulawar alƙali, ko a nemi ƙasa ta uku da ba za ta miƙa shi ba. Duk suna da tsada da ciwon kai, ban ce ba su da shi ba, kuma jami'in tsaron da ya ce maka jirgi ya fi sauƙi gaskiya ya faɗa. Suwidin ta bi ta jirgin, ta biya kurona miliyan 6, sannan a 2012 ta ba Agiza izinin zama na dindindin a ƙasar da ta kore shi daga cikinta.

Ka gaida min mutanen gida.

Naka,
Barista