Wasiƙa Kan Kuɗin Baba da Ke Banki

Kano,
Daren Juma'a.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makoma. Na je gidan ranar sadakar bakwai, na gaida Hajiya da sauran 'yan gida, duk suna nan cikin dangana.

A wayar da muka yi ka faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Ka ce ƙanenka na riƙe da katin ATM ɗin Baba, ya san lambar sirrin, kuma kuna tunanin a riƙa cirowa kaɗan-kaɗan har a kwashe kafin banki ya ji labari. Don Allah ka kira shi yau ka ce ya ajiye katin. Na bi wannan hanya lokacin rasuwar Yayana, na san inda ƙayar take.

Da zarar mutum ya cika, kuɗin da ke asusunsa sun zama na magada baki ɗaya, har jaririn da ke goye. Izinin taɓa asusun kuwa ya tafi tare da mai shi. Duk abin da aka cira bayan nan yana fitowa a takardar bayanin asusu da ranarsa da sa'arsa, kuma takardar shaidar mutuwa ma tana ɗauke da kwanan wata. Alƙali zai jera su gefe da gefe ne kawai. Mu an ciri dubu 150 kwana biyu bayan jana'iza, da kyakkyawar niyya aka yi, shinkafar masu zaman makoki aka saya. Amma ranar da aka karanto takardar a gaban kotu, matar Yaya ta ɗago kai ta dube ni, wallahi har yau ina jin nauyin kallon nan. Daga aljihuna na mayar da kuɗin.

Ka ce kuma sunanka Baba ya rubuta a gurbin Next of Kin lokacin buɗe asusu. Ni ma haka na shiga banki da ƙarfin gwiwa, ina ganin sa hannu kawai zan yi a miƙo mini. Ma'aikaciyar ta yi mini ta'aziyya, ta karɓi takardar sanarwar da na rubuta, nan take aka rufe asusun: kuɗi na iya shiga, ba sa fita. Ko nawa ne a ciki ma ta ƙi faɗa mini. Na fito ina huci, daga baya na gane gaskiyarta. Wannan gurbi sunan wanda za a nema ne idan wani abu ya faru, ba ya mayar da mutum magaji. Ni da aka rubuta sunana ko kwabo ban gada ba, domin Yaya ya bar 'ya'ya maza, ɗa namiji kuwa yana katange 'yan'uwan mamaci daga gado.

Abin da banki ke jira takardar kotu ce. Ku fara da takardar asibiti mai nuna rasuwar, da ita za ku karɓi takardar shaidar mutuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ku duba rubutun sunan da kyau tun a wurin. Namu an sa Muhammad a wata takarda, a banki kuma Mohammed ne, wannan kaɗai ya ci mana mako biyu da takardar rantsuwa.

Tunda Baba bai bar rubutacciyar wasiyya ba, sai ku nufi sashen gado na Babbar Kotun Jiha ku nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda aka rubuta Letters of Administration a samanta. Iyali ne za su zaɓi waɗanda za su tsaya, mutum biyu zuwa huɗu. Shawarata a ɗauko mutum ɗaya daga kowane ɗaki, don kada gobe a ce 'yan ɗakin Hajiya sun yi abinsu su kaɗai. Kotu za ta ba ku fom ku kai kowane banki ya rubuta abin da ya rage, ya buga hatimi, a ranar ne za ku fara sanin adadin. A kan wannan adadi ake lissafa kuɗin da gwamnati ke karɓa, ku tabbata an ba ku rasit. Za a nemi hotuna, katin shaida, da mutum biyu masu tsaya muku, sannan a buga sanarwa a jarida a jira kwana 21 ko wani zai fito da ƙorafi. Mu wata biyar muka yi muna safa da marwa, kuma babu mai jayayya a cikinmu. A nan Kano mutane da yawa Kotun Shari'ar Musulunci suke fara zuwa, alƙali ya rubuta wa banki ya kuma yi rabon. Kafin ku kashe ko sisi, ku tambayi sashen shari'a na bankin takardar wace kotu zai karɓa, domin ba duka suka zama ɗaya ba.

Idan takarda ta fito, ba tsohon asusun ake buɗewa ba. Sabo ake buɗewa da sunan dukiyar marigayi, a juye kuɗin ciki, waɗanda kotu ta naɗa su riƙa sa hannu. Idan banki na bin mamaci bashi, zai cire nasa kafin ku ga saura.

Bari in ba ka lissafinmu ka ga yadda abin ke tafiya. Naira miliyan 3 da dubu 100 muka tarar. Bankin ya cire dubu 250 na rancen da ya rage. Bashin mutanen kasuwa da ɗawainiyar kotu suka ci dubu 450. Aka bar miliyan 2 da dubu 400. Matarsa ta ɗauki tumuni, dubu 300. Inna, da yake tana raye, ta ɗauki sudusi, dubu 400. Ragowar miliyan 1 da dubu 700 aka kasa biyar tsakanin maza biyu da mace ɗaya: kowane namiji dubu 680, macen dubu 340. Kason yaran, da yake ba su balaga ba, aka zuba a asusun da aka buɗe da sunayensu.

Abu ɗaya da ban sani ba sai da na kusa makara shi ne layin wayar mamaci. Kada ku bari ya mutu, ku riƙa sa masa kati, don idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani. A cikin tsofaffin saƙonnin wayar Yaya na gano wani asusu na biyu da ko matarsa ba ta san da shi ba. Asusun da aka manta, bayan shekara ɗaya ba a taɓa shi ba ana sa shi cikin masu barci, idan ya kai shekara 10 a haka kuma banki zai tura kuɗin Babban Bankin Najeriya, bisa ƙa'idar da ya fitar a 2024. Ba su salwanta ba, magada na iya nema, sai dai hanyar ta ƙara tsawo. Haka nan idan fanshon Baba ya ci gaba da faɗowa bayan rasuwarsa, kada ku sa shi a lissafin gado, ana iya neman a mayar da shi.

Tunda kai kana nesa, kada ka dage sai sunanka ya shiga cikin masu tsayawa, za a yi ta neman sa hannunka ne kana can. Ka bar wa babban yayanku da mutum ɗaya daga ɗakin amarya. Ranar Litinin ba ni da aiki da safe, ka ce ƙanenka ya zo da takardar asibitin da katin shaidar Baba, mu fara da ofishin ƙidaya.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Amininka na Kano.