Na kashe ƙarar gurup, an ce ba na son dangin miji

Assalamu alaikum Hajiya, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Tun Talata ban yi barcin kirki ba.

Ni dai ɗinki nake, maigidana yana Legas wajen nema. Lamba biyu ce a WhatsApp ɗina cikin waya ɗaya, ta kwastoma da ta gida. Gurup ɗin danginsa kuwa Hajiya ba ya barci, sha biyun dare ana turo boyis da sitika, ga goyo, waya na yin ƙara yaro ya farka. Da farko haushi ya sa na kashe ta WhatsApp ɗin gaba ɗaya ta Settings na waya, sai da na rasa ɗinki biyu na gane kuskure ne.

Yaron da ke mana caji ya mayar min, ya ce ba haka ake ba, ɗaya bayan ɗaya ake bi. Kowace lamba saitinta daban, gyaran ta kwastoma bai shafi ta gida ba. Ya sa wa maigida ƙararsa ta daban, ko ina kan keke na san shi ne. Ya kashe Reaction notifications, wato in an ɗora wa saƙona alamar zuciya ko dariya kar waya ta kira ni. Gurup kuma ya danna Mute, zaɓi uku ya fito, 8 hours, 1 week, Always. Ni na ce Always, ba zan ɓoye miki ba, amma na adashe ma haka na yi masa.

To daren Litinin gwaggon maigida ta rasu, a gurup kawai aka sa. Ban gani ba sai Talata da azahar, an riga an kai ta. Facalata ta tare ni gaban mutane wai amarya ta waye, dangi sun zama surutu. Ita kaɗai na gaya wa na yi Mute fa, don WhatsApp ba ya nuna wa kowa. Kuma abin da ke cin raina, yaron ya ce ko an yi Mute, in aka sa @ da sunanki ko aka amsa saƙonki zai shigo. Na koma na duba, mutum huɗu facalar tawa ta ambata a sanarwar rasuwar, ban da ni. Kira ma da ta yi da ya shigo. Dama tun rikicin kayan suna take neman inda zan faɗi.

Surukata ko gaisuwata da ƙyar ta amsa.

Hajiya in cire Mute ɗin ne in haƙura da barcin, ko in riƙa sa na awa 8 kullum da dare? Shi ma ranar da na manta fa? Ko kuwa in tura wa maigida hoton inda ta tsallake sunana, don har yanzu bai kira ni ba, kuma na san ta riga ni.