Malam, ta yaya zan roƙi Alhaji ya matso da ranar zamanmu?

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne daga Idi-Araba a nan Legas, a daren Asabar, domin tun da na karanta saƙon ejan da yake fitar mana da kaya daga tashar jiragen ruwa bayan sallar la'asar hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon a sakaya sunana, saboda mutanen gidan da zan yi magana a kansa suna sauraron shirinka.

Ni ɗan kasuwa ne, muna shigo da yadi ta tashar jiragen ruwa ta Apapa muna turawa Kantin Kwari a Kano. Ina yin wannan harka tare da wani dattijo da zan kira Alhaji, wanda yake zaune a Agege. Shi ne ya ɗauko ni daga Zariya ina saurayi, a shagonsa na koyi ciniki, kuma kawun matata ne. Kashi biyu cikin uku na jarin nasa ne, ɗaya nawa, sannan asusun bankin ba ya fitar da kuɗi sai da sa hannunmu mu biyu. Na faɗi wannan ne domin ka gane cewa ba mutumin da zan ɗaga waya in ce masa ya zo gobe ba ne.

Mun tsayar da cewa za mu zauna ranar Lahadi ta sama bayan la'asar, wato nan da mako guda, domin mu yi lissafin kuɗin fito. Lokacin da aka sa ranar, kowa ya ɗauka jirgi zai makara kamar yadda aka saba gani. Sai ga shi ya iso da wuri, an sauke kwantenar, kwanaki kuma sun fara tafiya. Wataƙila masu sauraro ba su sani ba, kuɗin jinkiri a tasha iri biyu ne. Akwai kuɗin ajiya da masu filin tashar suke karɓa, kuma kwanakin da suke bayarwa kyauta ba su da yawa, namu har sun ƙare. Akwai kuma damarej da kamfanin jirgi yake lissafawa a kan kwantenarsa, wanda ba ya tsayawa sai an mayar masa da ita babu kaya. Ana ƙirga su kullum, har da Asabar da Lahadi, kuma farashin kwana yana hauhawa mataki-mataki gwargwadon daɗewar kaya. Ejan ya ce kwanakin kyauta na kamfanin jirgi za su cika ranar Juma'a mai zuwa.

Idan ana so a fita kafin Juma'a, dole a biya kuɗin fito ranar Talata, a nemi a ajiye kwantenar domin binciken kwastan ranar Laraba, sannan a sama wa babbar mota izinin shiga tasha ta tsarin Eto, wanda aka fara tun 2021. Idan muka jira Lahadi, banki ma ba ya buɗewa sai Litinin, ka ga duk waɗannan matakai sun koma wani makon, kuɗi kuma yana ta hawa. Ƙari a kan haka, ƙimar da aka yi wa kayan ta haura abin da muka tanada, saboda haka akwai shawarar da za a yanke, ko a cika a biya ko a nemi a sake dubawa. Wannan ba hukuncin da mai kashi ɗaya zai yanke shi kaɗai ba ne, Alhaji kuma tun da na san shi ba ya maganar kuɗi a waya.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne babban ɗansa, wanda yanzu shi yake riƙe da wayar kasuwancin mahaifinsa. Na kira shi cikin mutunci na yi masa bayani, sai ya ce mini, "Yaya, ai Baba ya riga ya ba ka rana, kai kullum a cikin gaggawa kake." Malam, wannan yaro a gabana aka yi sunansa, bai taɓa kwana a layin motocin da ke jiran shiga tasha a Ijora ba, bai san abin da ake kira damarej ba, kuma ina da yaƙinin bai isar da saƙona ba. Tun da ya dawo daga karatu yake neman a nuna wa Alhaji cewa ni mai zaƙewa ne. Ni kuwa ban taɓa tashin Alhaji daga wata sabga ba, duk ranar da ya sa ita nake bi, ko da ruwan sama ne ko cunkoson motoci. Kuma ba ni na tuƙo jirgin ba balle a ce ni na jawo.

Na manta ban faɗa maka dalilin sa ranar Lahadin ba. Alhaji yana aurar da 'yarsa ranar Asabar mai zuwa, baƙi sun fara sauka daga Arewa, hidima ta yi masa yawa kuma ya kashe kuɗi. Ina tsoron idan na tunkare shi da maganar cikon kuɗi a wannan makon, ya ga kamar ban damu da bikinsa ba, ko kuma kamar ina tona masa asiri a lokacin da aljihunsa ya yi sauƙi. Idan kuma na yi shiru har Lahadi, kashi biyu cikin uku na asarar a kansa zai faɗa, kuma na san tambayar farko da zai yi mini ita ce me ya hana ni sanar da shi.

Na rubuta saƙon da nake tunanin aika wa lambarsa ta gida, ga shi kamar yadda yake: "Ranka ya daɗe, Allah ya sa a yi taro lafiya. Kaya sun iso da wuri, kuma daga ranar Juma'a kuɗin jinkiri na kamfanin jirgi zai fara hawa. Idan da hali, zan zo in same ka a gida ranar Litinin bayan sallar asuba ko bayan isha'i, minti 20 sun isa, zan taho da takardu da cek a shirye. Idan kuma hidima ba za ta bari ba, mu bar shi a ranar Lahadin, na dai ga ya kamata ka sani." Na sa lokaci biyu domin zaɓi ya kasance a hannunsa, na ce ni zan je domin kada ya taso, kuma na cire kalmar gaggawa gaba ɗaya. To amma jimlar ƙarshen tana damuna, domin Alhaji mutum ne da idan ka ba shi ƙofa zai bi ta, zai ce Allah ya kai mu Lahadi, alhali ni a raina ban yarda da Lahadin ba. Shin in rubuta masa adadin kuɗin da za a yi asara a kowace rana, ko hakan ya zama matsin lambar da nake gudu?

Matata ta ce kada in aika saƙo, in tafi gidan da gudummawar biki, idan an gaisa sai in sako maganar. Ni kuma ina ganin haɗa gudummawa da neman sa hannu zai sa a ce da wata manufa na zo, kuma ɗan nan nasa yana zaune a zaure zai ji komai. Wani abokina ya ce in bi ta hannun aminin Alhaji da suke sallah a masallaci ɗaya, sai dai hakan yana nufin fitar da sirrin kasuwancinmu waje.

Malam, ka duba mini saƙon nan, ka gaya mini ko in bar jimlar ƙarshen ko in cire ta, kuma ko ya dace in tsallake ɗansa in nufi Alhaji kai tsaye. Sannan idan wannan ya wuce, shin laifi ne in nemi a raba jarin, tunda ga alama nan gaba wannan yaron ne zai riƙa sa mini rana? Ina roƙon amsa kafin safiyar Litinin.

Naka mai saurare,
Wani ɗan kasuwa, Idi-Araba, Legas