Kafin ka sauka a Tokiyo

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da su Inna da yara. Na ji labarin gurbin karatun da ka samu a nan Japan, Allah ya sa albarka. Ka tambaye ni abinci da salla, to ga abin da na sani.

Naman alade da ke kwance a fili ba ya ba da wahala, kowa zai gane shi. Wanda ya ɓuya cikin kayan haɗi ne fitinar. Romon taliyarsu yawanci da ƙashin alade ake dafa shi, dunƙulen kori na kanti sau da yawa da kitsensa, burodi da alawa ma ba su tsira ba. Don haka ka haddace wannan harafi tun kana gida: 豚, shi ne alade. Ka haɗa da ゼラチン, wato jalatin, sinadari mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi har da alade, da みりん, giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a miya. Sai dai ka kula, doka ba ta tilasta a sa alade cikin jerin gargaɗin da ke bayan leda ba, shawara ce kawai ga kamfanoni. Rashin ganin harafin ba hujja ba ce. In an rubuta mai ko sinadarin haɗi ba a faɗi asalinsa ba, ni ajiyewa nake yi, in ɗauki kifi da ƙwai.

Nama kuwa da sauƙi. Kantunan Gyomu Super suna sayar da daskararrun kaji na Burazil masu tambarin halal, kuma a unguwar Shin-Okubo akwai shagunan Musulmi inda za ka samu naman rago da kayan yaji. Daddawa da kuka dai ka manta da su.

Salla ce ke son shiri. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, ka ga Azahar da La'asar da Magariba duk za su same ka a makaranta. Tun makon farko ka gaya wa malaminka kana bukatar minti goma da ɗan lungu mai tsabta. In ka yi bayani tun wuri suna girmama shi, ɓacewa ba sanarwa ce ba sa so. Alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa. Ka taho da huffi na fata, domin ɗaga ƙafa cikin wurin wanke hannu na jama'a abin ƙyama ne a wurinsu.

Juma'a ranar aiki ce, sai ka nemi izini. Babban masallacin da Turkawa suka sake ginawa a 2000 yana kusa da tashar Yoyogi-Uehara, akwai wani kuma a Otsuka. Ka duba wanda ya fi kusa kafin ka kama ɗaki.

Ka turo mini ranar saukarka in zo tarye. A gaida Baba.

Naka,
abokinka na Tokiyo