Amsa ga Alhajin da ya tambaya: wa ya ba yaron kuɗin?

"Malam, kana ta kururuwa a hana 'yan kasuwa tallata wa yara kaya. To ina tambayarka a bainar jama'a: wa ya ba yaron kuɗin? Kamfani ne ko ubansa? Iyaye sun saki tarbiyya, kai kuma kana wanke su kana ɗora wa mai neman halal. Ko dai wasu ƙungiyoyin Turawa ne suka ba ka kwangilar wannan magana?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a kasuwa.

Batun kwangila ba zai ɗauke mu lokaci ba. Duk wanda ya ga takardarta ya liƙa ta a Ƙofar Soro kowa ya karanta. Ni dai na lura cewa a cikinmu mu biyu mutum ɗaya ne ke da sito cike da katan-katan na alawa da lemon leda, kuma Katsinawa sun san ko wane ne. Ban ce wannan ya hana ka gaskiya ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Abin da ya yi mini ciwo shi ne cewa da ka yi ina wanke iyaye. Uban da ke miƙa wa ɗansa kuɗi kullum bai taɓa tambayar me ya saya ba, yana da alhaki, kuma zan dawo kansa. Sai dai tambayarka ta ɗauka cewa ciniki tsakanin ɗan kasuwa da uba ake yi, alhali irin tallan da nake magana a kai an tsara shi ne musamman don ya isa ga yaro a lokacin da uban ba ya nan.

Bari mu ɗauki garaɓasar makaranta, wadda kai ka fi ni sanin yadda ake shirya ta. Alƙaluman na misali ne, ka gyara su da farashin yau in ka ga dama. Mota ta shiga harabar firamare mai ɗalibai 600 da lasifika da mutum sanye da kayan zomo. An raba wa kowane yaro biskit ɗaya kyauta, an ba shugaban makaranta alli da agogon bango. Aka ce duk wanda ya kawo ledar biskit ɗin guda 20 za a ba shi tikiti, ranar bikin ƙarshen zango a fitar da mutum ɗaya ya ci keke. Biskit naira 100, kenan tikiti ɗaya ya tashi a naira 2,000. In rabin yaran kaɗai suka cika tikiti ɗaya ɗaya, an sayar da leda 6,000, kuɗi naira 600,000, a makaranta guda, kuma keke ɗaya ne zai fita. Yara 299 sun koma gida hannu rabbana. Ba a ma lissafa waɗanda suka tsaya a leda 12 ko 15 ba, waɗanda kuɗinsu ya shiga amma ko tikitin ba su samu ba.

Yanzu ka nemo mini uban a cikin wannan lissafi. Ya ba da kuɗin tara naira 200 da niyyar yaro ya sha koko da ƙosai. Ƙarfe goma na safe yana wurin aiki ko gona. Wanda ke tsaye gaban yaron shi ne malamin aji, kuma malamin ne ya sanar da gasar, da muryar da yake koyar da karatu. Yaro ɗan aji biyu ba ya raba umarnin malam da tallan kamfani. Sai ga abokai na ƙirga leda a gabansa, wanda ba shi da ita ya zama abin tsokana. Daga nan abin da ke biyo baya sananne ne: a bar abinci a sayi biskit biyu, a riƙa tsintar leda a bola, wani lokaci a fara taɓa canjin cefane. Uwa takan gane ne idan yaro ya dawo da yunwa ga jakarsa cike da leda a ninke.

Wata garaɓasar ta fi wannan dabara, wato ta haɗa haruffa a ƙarƙashin murfin kwalba. Ana buga yawancin haruffan birjik, a bar ɗaya ya yi ƙaranci da gangan. Yaro yana riƙe da huɗu cikin biyar, yana jin saura ƙiris, alhali damarsa ba ta fi ta wanda bai sayi ko ɗaya ba sai kaɗan. Idan babba ya zuba kuɗi don sa ran abin da sa'a ce kawai ke kawo shi, mun san sunan da muke kiransa da shi a garin nan. Ban ga dalilin da zai sa sunan ya canja don mai zubawar ɗan shekara takwas ne ba.

Shekarun nan su ne tushen maganar. Masu nazarin tunanin yara sun daɗe da nuna cewa ɗan ƙasa da shekara huɗu ko biyar ba ya bambance talla da shirin da yake kallo, kuma har zuwa wajen bakwai ko takwas bai gane cewa mai talla yana da buƙatar kansa ba. Idan zomo ya ce abin nan zai sa ka ƙarfi, labari ne aka ba shi, ya kuma yarda. Tunda ka ce maganar ta Turawa ce, ka tambayi malamin da kuke ɗaukar karatu wurinsa bayan Magariba. A fiƙihun Malikiyya cinikin yaron da bai kai wayo ba bai ƙullu ba sam, na mai wayon da bai balaga ba kuwa yana rataye da amincewar waliyyinsa. Malamai sun yi sassauci a ƙananan abubuwa irin aiken gishiri da ashana, gaskiya ne. Amma sassaucin don sauƙaƙa wa gida aka yi, kuma ban ga yadda za a miƙe shi har ya rufe shirin da aka zauna aka tsara don kuɗin zango guda su fita daga hannun yaro waliyyi bai sani ba.

Ka ce neman halal. Sayar da biskit halal ne, ba wanda ya yi musu. Inda nake ja layi shi ne wurare huɗu: kada a yi talla a cikin makaranta ko a bakin ƙofarta, kada a ɗaura kyauta ko sa'a a kan yawan saye, kada a ce wa yaro ya je ya matsa wa iyayensa, kada kuma a jingina wa kayan zaƙi ƙarfi ko basira ko tsawo. Ka tallata wa uwa, ka faɗa mata farashi da abin da ke ciki, ta yanke hukunci. Wannan kasuwa a buɗe take gare ka.

Ba kuma sabon abu na ƙirƙiro ba. Lardin Kwibek na Kanada ya hana tallan da ke nufin yara 'yan ƙasa da 13 tun 1980. Ƙasar Chile daga 2016 ta sa baƙin tambari a gaban duk abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta hana sa masa hoton katun ko cusa abin wasa a ciki, kuma shaguna ba su rufe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2010 ta ba da shawarar a tsarkake wuraren taruwar yara, makarantu da filayen wasa, daga tallan irin wannan abinci. Mu ma nan mun riga mun yarda da ƙa'idar a wasu kaya: an hana tallata wa jama'a madarar gwangwani ta jarirai, dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18 ta kuma hana sayar da kara ɗaya ɗaya. Ban taɓa jin ka tashi ka ce wa ya ba yaron kuɗin sigari ba.

Abin takaicin shi ne inda dokar ke tsayawa. Muna da hukumar kula da tallace-tallace ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar APCON, kuma a ƙa'ida sai an tantance talla kafin a sake shi. Tallan abinci da abin sha na kwali yana buƙatar izinin NAFDAC. Wannan yana kama babban kamfanin da zai sa talla a talabijin. Motar lasifikar da ta shiga firamare a Sabuwar Unguwa ranar Talata ta fita kafin azahar kuwa, wa ya tantance ta? Balle alawa da garin lemo da ke shigowa ta Jibiya da Kongolam da rubutun Faransanci, wasu ba lambar rajista, ana zazzage su a faranti ana sayarwa ɗaya ɗaya, ledar da ke ɗauke da ranar lalacewa tana can a bola. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo ya tashi naira uku da rabi a ƙaramar kwalba, ko mai sayarwa ba ya jin sa. Kuma wannan "uban" da kake ta kira, Alhaji, ka nuna mini shi a wurin almajirin da ya samu naira 100 a tasha, ko yarinyar da ita kanta tallan take ɗauka tun safe. Su ma abokan cinikinka ne.

Na yi alkawarin dawowa kan iyaye. Wanda zai iya ya sa wa yaro abinci a kwano maimakon tsabar kuɗi, ko ya biya mai ƙosai na mako. Ya koyi karanta bayan kwalba: in an rubuta sukari giram 10 a kowace mililita 100, to kwalba mai mililita 350 tana da giram 35, ƙaramin cokali kuwa kusan giram 4 ne, wato an kusa cokali tara. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki ke samu daga abincin yini, wajen giram 50 ga babba, in ya sauka zuwa 25 ya fi. Yaro bai kai babba ci ba, kenan kwalba ɗaya ta cinye kusan duk rabonsa, tun ba a zo ga shayin safe ba. A taron iyaye da malamai kuma a rubuta a ajiye cewa ba kamfanin da zai shiga aji ko filin taro sai kwamiti ya zauna, kuma ba a karɓar gasar da sai an saya ake shiga. Wanda ya kawo alli don Allah, a karɓa a gode, ya tafi da zomonsa.

Duk wannan aikin uba ne, na yarda, kuma wanda ya ƙi yi ba ni da abin wanke shi. Amma shi mutum ɗaya ne mai 'ya'ya bakwai da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, a ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda aikinsu kenan daga safe zuwa dare su gano launi da waƙa da kyautar da za su fi ƙarfin "a'a" ɗinsa.

Tunda a bainar jama'a ka tambaye ni, ni ma ga tawa. Zango mai zuwa, in wakilin kamfani ya kawo maka katan ɗin garaɓasa ya ce a kai makarantar da jikokinka suke, za ka ba da motarka?

Naka,
wani ƙaninka a Ƙofar Marusa, Katsina.