Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Koya daga Alƙaluman Tallan Bidiyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa mambobi maza da mata. A madadin kwamitin horaswa na ƙungiyarmu ta masu shirya tallan bidiyo, ga bayanin abin da muka gudanar a wannan shekara. Rahoton kuɗi Ma'aji zai kawo shi daban.

Za ku tuna ƙorafin da ya fi yawa a babban taron bara. Mai kaya ya biya a yi masa talla, a aiko masa da hoton allo mai nuna dubban kallo, shi kuwa wayarsa ko gezau. Daga nan sai zargi: ko dai mun cinye kuɗin, ko dai alƙaluman na bogi ne. Shi ya sa muka ajiye sauran darussa, muka ba da shekarar ga abu uku: mutum nawa ne suka tsaya kallo cikin waɗanda tallan ya bayyana musu, tsawon lokacin da suka yi suna kallo, da kuma daƙiƙar da suka watse. Mun yi bita ta kwana biyu a farkon shekara, sannan muka riƙa zama wata-wata, kowa ya zo da tallansa a haska a bango a duba tare.

Abu na farko da muka gyara shi ne kalmar "kallo" kanta, domin kowane dandali da mudunsa. A tallan YouTube irin wanda ake iya tsallakewa bayan daƙiƙa 5, Google Ads ba ya ƙirga kallo sai mutum ya kai daƙiƙa 30, ko ya kalli tallan har ƙarshe in bai kai 30 ba, ko kuma ya danna wani abu a jikinsa. A Facebook da Instagram akwai 3-second video plays, wato daƙiƙa uku kacal, akwai kuma ThruPlay, wanda ake ƙirgawa in an kai daƙiƙa 15 ko an gama bidiyon da bai kai haka ba. TikTok kuma yana nuna na daƙiƙa 2 da na daƙiƙa 6. To wanda ya ce wa mai kaya tallansa ya fi karɓuwa a Facebook don kawai adadin can ya fi girma, ya auna gero da mudu biyu ne, ɗaya ƙarami ɗaya babba. Da yawanmu mun yi wannan kuskure ba da niyyar cuta ba, ni ma ina ciki. Yanzu mun amince cewa duk rahoton da mamba zai ba mai kaya, sai ya rubuta wane irin kallo yake nufi da daƙiƙoƙinsa.

Zaman da ya fi amfanar mu shi ne wanda muka warware tallan wani shagon atamfa da leshi. Mun ɓoye sunan shagon, alƙaluman kuma mun mai da su cikakkun lambobi don lissafi ya yi sauƙi a allo. Ga su kamar yadda muka koyar.

Bidiyon daƙiƙa 40 ne, an saka shi a YouTube. A ce ya bayyana sau 10,000, shi ne abin da allon ke kira Impressions, an samu Views 1,200, an kashe naira 24,000. Lissafin shi ne:

```
View rate = Views / Impressions = 1,200 / 10,000 = 12%
CPV = Cost / Views = 24,000 / 1,200 = 20
```

Kashi 12 cikin ɗari ke nan suka kai daƙiƙa 30, kowane kallo kuma ya tashi a naira 20. Da mun tsaya a nan, iyakar abin da za mu ce shi ne tallan bai yi ƙarfi ba. Amma ina ciwon yake? Wannan lamba ba ta faɗa. Sai muka buɗe ginshiƙan Video played to, waɗanda ke raba bidiyo gida huɗu. A rubu'in farko, wato daƙiƙa 10, saura 3,000. A rabi, daƙiƙa 20, saura 2,400. A daƙiƙa 30 saura 1,200, waɗanda suka kai ƙarshe kuma 900.

Nan fa aka yi muhawara. Yawancin mahalarta idonsu ya tafi kan faɗuwar farko, daga 10,000 zuwa 3,000, don ita ce mafi girma. Gaskiya ne a duba ta, sai dai a tuna cewa a daƙiƙa ta 5 ne maɓallin tsallakewa ke fitowa, kuma mutumin nan ba talla ya zo kallo ba. Kowane talla yana zubar da jama'a a wannan gaɓa, tambayar kawai ita ce me suka gani kafin su tafi. Da muka sake kunna bidiyon, daƙiƙa biyar ɗin farko tambarin shago ne yana juyawa da kiɗa, sai sallama da "muna farin cikin sanar da jama'a". Atamfa ko ɗaya ba ta fito ba sai a daƙiƙa ta takwas. Wato duk wanda ya tsallake a daƙiƙa ta biyar, bai ma san me ake sayarwa ba.

Wata 'yar'uwa mai haɗa hoto ce ta ja hankalinmu zuwa faɗuwa ta biyu. Ta ce, "Malam, waɗanda suka tafi da farko ai ba namu ba ne tukuna. Ku dubi waɗanda suka zauna har daƙiƙa ashirin, sannan rabinsu suka tashi." Haka ne kuwa. Daga daƙiƙa 10 zuwa 20, inda ake baza atamfofi ana nuna zanensu kusa-kusa, mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ya tafi. Daga 20 zuwa 30 kuwa, 2,400 sun koma 1,200. A wannan wuri ne aka yanke daga kaya zuwa mai shago zaune a bayan teburinsa yana godiya ga abokan ciniki da tarihin shagon. Dattijo ne mai mutunci, maganarsa kuma babu aibu, amma mai kallon da ya tsaya don leshi ya ga leshi ya ɓace. Wannan asarar ta fi ciwo, domin mutanen da suka riga suka nuna sha'awa ne. Lambar waya da adireshi kuwa sai a daƙiƙa ta 35 suka bayyana, lokacin da masu kallo ba su fi dubu ɗaya da 'yan kai ba cikin dubu goma. Ga dalilin shirun wayar.

Gyaran bai buƙaci sabon ɗauka ba. An fara da hannu yana buɗe atamfa tun daƙiƙar farko, sunan shago a gefe, lambar WhatsApp a rubuce a ƙasan allo daga farko har ƙarshe. Jawabin Alhaji an rage shi zuwa jimla ɗaya, muryarsa tana tafiya a kan hoton kaya. Bidiyo ya dawo daƙiƙa 25.

A nan akwai tarko, kuma ina roƙon kowa ya riƙe shi. Tunda sabon bidiyon bai kai daƙiƙa 30 ba, kallo yanzu yana nufin an kai ƙarshensa, wato daƙiƙa 25. Rubu'insa ma ya koma daƙiƙa shida da ɗoriya, ba goma ba. Don haka ko View rate ya tashi, wani ɓangare na tashin daga gajartar ne, ba daga kyan gyaran ba. Kwatancen gaskiya shi ne a bi daƙiƙa da daƙiƙa: mutum nawa suka rage a daƙiƙa ta 10 a tsohon, nawa a sabon. Wannan sai a zanen Audience retention na YouTube Studio, inda layin ke nuna gangarowar jama'a tun daga farko har ƙarshe. A kula a ware waɗanda talla ya kai musu daga waɗanda suka nemo bidiyon da kansu, don halinsu ba ɗaya ba ne.

Kan tsawon lokacin kallo, darasinmu gajere ne: matsakaici yana ɓoye gaskiya. Mutum goma, takwas sun kalli daƙiƙa 5, biyu sun kalli 40. Jimla 120, a raba goma, 12. Sai mai haɗa hoto ya je yana neman laifi a daƙiƙa ta 12, alhali babu ko mutum ɗaya da ya tashi a wurin. Sannan a tambayi da me aka raba. A shekarar 2016 kamfanin Facebook ya amsa cewa ya daɗe yana kumbura matsakaicin lokacin kallon bidiyo, saboda yana raba jimlar lokacin da waɗanda suka kai daƙiƙa uku kawai, maimakon duk waɗanda bidiyon ya kunna musu. In babban kamfani ya faɗa wannan rami, mu ma sai mu riƙa duba ma'anar kowane ginshiƙi kafin mu kwafe lambarsa.

Ba kowace faɗuwa ce laifin bidiyo ba, wannan ma mun gani. Wani mamba ya kawo tallan da jama'a ke gudu tun daƙiƙa biyun farko, muka duba ba mu ga aibu ba, ashe da Hausa aka yi shi amma aka saki wa ƙasa baki ɗaya ba tare da zaɓen yanki ba. Wani kuma duk saƙonsa a murya yake, alhali a Facebook mutane da yawa suna kallo ne sauti a kashe. Da aka sa rubutu a ƙasa sai layin ya sassauta gangara. Akwai kuma tallan da ya fara da kyau ya riƙa lalacewa mako-mako, sai muka ga Frequency ya hau, mutane ɗaya ake ta nuna wa har sun gaji. Haka nan mun hana yanke hukunci a kan bayyana ɗari biyu ko uku, ko a ranar farko. Kuma in za a gwada gyara, a canza abu ɗaya a bar sauran, in ba haka ba ba za a san wanne ne ya yi aiki ba.

Inda muka gaza, dole a faɗa. Halartar zaman wata ta ja baya da damina. Mafi muhimmanci kuma, har yanzu ba mu iya haɗa kallo da ciniki yadda ya kamata ba, domin yawancin masu kayanmu a WhatsApp ko a bakin shago ake gama saye, kuma ba sa rubuta ta ina mai saye ya ji labari. Talla na iya riƙe mutane har ƙarshe ba a sayi komai ba. Wannan yana damuna, don amanar kuɗin mutane ce a hannunmu.

Saboda haka kwamiti yana kawo shawara biyu gaban wannan taro. Ta farko, a buga takardar rahoto iri ɗaya ga duk mambobi, mai ɗauke da dandali, tsawon bidiyo, ma'anar kallo, adadin da ya rage a kowane rubu'i, da daƙiƙar da lambar waya ta fara bayyana. Ta biyu, kowane mamba ya roƙi mai kayansa ya ajiye ɗan littafi na mako biyu yana tambayar masu saye inda suka ga tallan, a zo da shi zaman wata. Muna kuma neman mutum biyu daga cikin mata masu haɗa hoto su shigo kwamiti. Mai sha'awa ta ba Sakatare sunanta kafin a tashi.

Allah Ya saka wa duk wanda ya yarda aka haska aikinsa a gaban jama'a da alheri. Wassalam.

Shugaban Kwamitin Horaswa